Babi na Shida: Tafin Hannu a Gadon Bayan Saniya

A ƙarshen watan Fabrairu ne, hunturu ya fara janye jiki, zafi yana leƙowa, na sauka a wata ruga a yankin Giwa, ba nisa da Zariya. Mai garken dattijo ne da na daɗe ina yi wa shanunsa allura. Bayan mun gaisa ya ja ni bayan bukka ya nuna mini tanadin da ya yi wa bazara: buhu biyu na ƙulin angurya, wato abin da kan saura idan an matse man 'ya'yan auduga, da harawar wake a kan rumfa, da tarin karan dawa, da 'yar dusa. Manyan shanunsa goma sha ɗaya ne, uku a cikinsu na da ciki.

"Malam, kullum da yamma zan riƙa zuba musu kaɗan-kaɗan, kowa ya lasa, har ruwa ya sauka," in ji shi.

Na ce, "Baffa, bari mu yi lissafi tukuna."

Buhu biyu kilo 100 ke nan. Daga ranar zuwa lokacin da sabuwar ciyawa za ta isa saniya ta cika baki da ita, akwai kwana 90 ko fiye. Idan aka raba kilo 100 ga shanu 11 na tsawon kwana 90, kowace za ta samu giram 100 a rana, abin da bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Babu saniyar da wannan zai canja mata komai. Kuɗin zai tafi, buhun zai ƙare, ramammiya na nan a rame. Dole ke nan a zaɓi wadda za a ba, kuma zaɓen nan shi ne aikin da awon jiki yake yi.

Awon jiki ba ya buƙatar sikeli. Duba ne da taɓawa a wasu wurare ƙayyadaddu na jikin saniya, don a ƙiyasta nama da kitsen da ta ajiye, sannan a ba ta maki. Makiyayi ya san rama, ya san ƙiba, tun kafin a haifi masu littafi. Abin da maki ya ƙara shi ne tsani tsakanin ramar da ƙibar, yadda mutum zai iya cewa a Fabrairu tana mataki na uku, a Afrilu ta hau na huɗu, ya kuma faɗa wa wani ya gane abin da yake nufi. Ma'aunin da ya dace da shanunmu masu tozo shi ne mai maki 1 zuwa 9, wanda Nicholson da Butterworth suka fitar a 1986 daga cibiyar binciken dabbobi ta ILCA da ke Addis Ababa. Sun kasa shi gida uku: 1 zuwa 3 rama, 4 zuwa 6 tsaka-tsaki, 7 zuwa 9 ƙiba.

Da sassafe ake yi, kafin shanu su sha ruwa ko su fita kiwo, domin tumbin da ya cika yakan ɓoye gaskiya. Kuma abu na farko da mai koyo zai horar da idonsa a kai shi ne ya daina kallon ciki. Saniyar da ke da cikin wata shida, ta kuma cika tumbi da busasshen kara, cikinta zai yi tulu guda alhali bayanta ƙashi ne zalla. Tozo ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, don girmansa ya danganta da iri, na Bokoloji daban, na Bunaji daban.

Mun fara da saniyar da dattijon ya fi ji da ita, wata farar Bunaji mai baƙin kunne. Na tsaya a gefenta na ɗora tafin hannu a gadon bayanta, na bi ƙashin baya daga bayan tozo har ƙugu. Ƙasusuwan suna tsikarin hannu ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran zarto. Na gangaro kwiɓi, inda gajerun ƙasusuwa ke fitowa daga ƙashin baya a kwance, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙugu. Nan ne wurin da ya fi faɗin gaskiya, domin babu abin da ke rufe su sai nama da kitse. Nata ana iya ƙirga su da ido, yatsuna kuma suka shige ƙarƙashinsu kamar an riƙe bakin kanta. Haƙarƙari duk a waje. Na zagaya baya: ƙasusuwan ƙugu biyu sun yi tsini, na ɗuwawu ma haka, gindin wutsiya ya faɗa, rami dama rami hagu.

Na ce, "Wannan uku ce."

Dattijon bai ji daɗi ba. Ya ce, "Haba Malam, dubi cikinta fa. Wannan ba ta taɓa tsallake shekara ba."

Ai kuwa dalilin ramar ke nan. Ta haihu a watan Mayun bara, sa ya hau ta a tsakiyar Agusta, ga maraƙi ɗan wata tara yana tsotso, ga matar gida tana tatsa kowace safiya. Baki uku ke ci daga jiki ɗaya. Sau da yawa saniyar da ta fi kowa albarka a garke ita ce ta fi kowa rama a bazara, kuma ita ce mai garke ba ya son a ce ta rame.

Ta biyu karsana ce mai cikin fari. Haƙarƙarinta ana ganinsu kaɗan, ƙashin baya da ƙyar ake hango shi, ƙasusuwan kwiɓi sai an danna ake jin su kuma bakinsu ba kaifi. Maki 5. Da haƙarƙari da ƙugu sun fito sarai, naman da ke tsakanin ƙugu da ɗuwawu ya ɗan lotsa, da 4 ce. Da kuwa jikin ya yi sumul, ido bai ga ƙashin baya ba sai hannu ya ji shi, da 6 ce. Ta uku wata ja ce da ta yi shekara guda ba ta ɗauki ciki ba kafin wannan cikin, ta ci daminarta ita kaɗai babu mai tsotso. Bayanta a shafe, sai na danna da ƙarfi na ji ƙashi, shi ma a dunƙule. Maki 7. Idan kitse ya fara taruwa a gindin wutsiya da ƙirji har ƙasusuwan kwiɓi suka ɓace wa hannu gaba ɗaya, an shiga 8 da 9, abin da ba kasafai ake gani a ruga ba, sai a turken masu kiwon sallah.

Makin da ake so saniya ta haihu a kai shi ne 5 ko 6, karsana kuwa gara 6, domin ita ba ta gama girma ba, za ta ciyar da jikinta ta kuma ciyar da ɗa. Dalilin wannan adadi yana bayan haihuwa. Da saniya ta haihu, nono yakan ja abinci fiye da abin da bakinta ke iya ci a makonnin farko, sai ta riƙa cike giɓin daga abin da ta ajiye a jiki. Wadda ta haihu a 5 tana da abin cirewa. Wadda ta haihu a 3 ba ta da shi, kuma jiki yana da tsarin rabonsa: rai da farko, sai nono, neman sa shi ne na ƙarshe. Ciki na saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, kusan kwana 285. A cire wannan daga 365, saura 80. Duk saniyar da ake son ta haihu kowace shekara dole ta sake ɗauka cikin kwana 80 da haihuwa. Ramammiya kan yi wata shida, wata takwas, ba ta nemi sa ba, shi ya sa a garken ruga da yawa ake samun kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Ɗan da ta haifa ma ba ya tsira daga abin: yakan zo ba ƙarfi, ya yi jinkirin miƙewa, dakashin uwar kuma ya yi kaɗan. Dakashi shi ne rigakafin maraƙi, kuma hanjinsa a sa'o'in farko ne yake iya ɗaukar wannan kariya, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe.

Me ya sa ake yin awon tun haihuwa na saura wata uku? Saboda kitse ba ya taruwa da gaggawa, kuma mafi yawan girman ɗan tayi, wajen kashi biyu cikin uku, a watanni ukun ƙarshe yake faruwa. Duk ranar da ta wuce, ɗan yana ƙara ɗaukar rabonsa, yana kuma matse wa tumbi wuri, har a makonnin ƙarshe cin saniya ya ragu ko da abincin na gabanta. Wanda ya tashi ciyarwa saura mako biyu ya zo fafe gora ranar tafiya. A ƙasarmu kuma lissafin yakan faɗo a mummunan lokaci: saniya ta ƙoshi a Agusta ta ɗauki ciki, sai watanninta uku mafi nauyi su zama Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da daji ya ƙone, ciyawar da ta saura ta zama tamkar tsintsiya.

Maki ɗaya a wannan ma'auni kusan kashi bakwai cikin ɗari ne na nauyin saniya. Ga Bunaji mai kilo 280 zuwa 300, wajen kilo 20 ke nan. Don baƙar-kunne ta tashi daga 3 zuwa 5, sai ta ƙara kilo 40 na jikinta ita kanta cikin kwana 90, kusan rabin kilo kullum, ban da nauyin ɗa da ruwa da mabiyiya. A bazara, da karan dawa, wannan ba zai yiwu ba, kuma na faɗa wa dattijon haka. Abin da za mu iya nema shi ne maki ɗaya. Tsakanin haihuwa a 4 da haihuwa a 2, inda za ta gangara idan aka bar ta, akwai bambancin saniyar da ta tashi da wadda sai an sa itace an ɗaga ta.

Mataki na farko bai ci ko kwabo ba, amma shi ya fi wuya: a yaye maraƙin, a daina tatsa. Nonon da ake samu a wannan lokaci bai cika ƙaramar ƙwarya ba, amma abincin da ke tafiya wajen yin sa ya kai wani babban kaso na abin da za mu saya mu ba ta. Wuyar ita ce nono na matar gida ne, da shi take sayen gishiri da sabulu. Na je na durƙusa na gaishe ta na ce, "Inna, a yi haƙuri da ƙwaryar wata uku, a samu ta damina cike." Ta yi shiru, sannan ta ce ai ta ga ana ta shafa bayan saniya, ta san a kanta maganar za ta ƙare. Ta dai yarda. Duk malamin dabbobin da ya tsara yaye da maigida kaɗai, ya koma bayan mako biyu zai tarar ana tatsa.

Sai abinci. Matsalar karan dawa da busasshiyar ciyawa ita ce ƙarancin furotin. A tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ke narka ciyawa, kuma suna buƙatar abinci mai furotin kusan kashi bakwai cikin ɗari kafin su yi aiki sosai. Kara bai kai nan ba, da ƙyar yake wuce huɗu. Sai ya daɗe a tumbi bai narke ba, saniya ta ji ta ƙoshi alhali yunwa na cin ta. Idan aka ƙara harawa da ƙuli, ba amfanin kansu kaɗai suke kawowa ba, suna sa karan ma ya narke da sauri, saniya ta ƙara ci. Ga abin da muka tsayar wa baƙar-kunne a kullum: harawar wake kilo 2, ƙulin angurya kilo 1, dusa kilo 1, kara iya cinta an sassara shi, gishiri da kanwa a gefe, ruwa sau biyu. Muka kuma cire ta daga doguwar tafiyar kiwo, don tafiyar yini a rana cin jiki ce.

Ƙuli da dusa ba a fara su da cikakken awo. Rubu'in kilo aka fara, ana ƙarawa duk bayan kwana uku, har aka kai kilo a kwana na goma. Tumbin da ya saba da kara idan aka antaya masa dusa ko hatsi lokaci guda sai ya yi tsami, saniya ta daina ci, ta yi zawo, wani lokaci ta kumbura. A kuma shinshina ƙulin a farfasa shi, wanda ya yi fumfuna a zubar. Tun da babu sikeli a ruga, mun kai kwanon awon wurin mai sayar da hatsi ranar kasuwa, aka auna cikinsa sau ɗaya na ƙuli, sau ɗaya na dusa, aka yi wa kwanon zane da ƙusa.

Da wannan tsari baƙar-kunne za ta cinye kusan kilo 85 na ƙulin. Sauran 15 muka ajiye wa karsana, rabin kilo kullum a watan ƙarshe, kafin nan kuma harawa da dusa su riƙe ta. Jar kuwa kara da gishiri, sai 'yar harawa idan haihuwa ta matso. Bazara da kanta za ta sauko da ita zuwa 6 a hankali, kuma hakan ba laifi. Abin da ba a yi shi ne a hana mai ƙiba abinci da gangan a ƙarshen ciki don ta faɗa: kitsen da ya narke da sauri hanta yake tafiya ya taru, ya sa ta ciwo.

A nan dattijon ya kawo maganar da nake ji a kusan kowace ruga. "Idan aka ciyar da karsana ba ɗan zai yi girma ya maƙale ba?" Tsoron yana da tushe, amma an ɗora shi a inda ba nan ba. Rage wa uwa abinci yana rage nauyin ɗa kaɗan ne kawai, sannan ya bar uwar ba ƙarfin naƙuda, ta gaji tun ɗan bai fito ba. Abin da ya fi kawo maƙalewa shi ne babban sa, ko maniyyin shanun Turai, a kan ƙaramar karsana da ƙugunta bai buɗe ba, sai kuma ƙiba ta gaske, 8 ko 9, inda kitse ke rage hanya. Karsana mai 5 da ake son kai wa 6 ba ta cikin wannan haɗari.

Bayan mako shida na koma, kamar yadda ya kamata, domin tsarin abinci zato ne, hannu ne ke tabbatar da shi. Na ɗora tafi a bayan baƙar-kunne, na ji zarton nan na nan yadda na bar shi. Jar kuwa sai sheƙi take yi.

Idan an ciyar jiki bai karɓa ba, akwai abubuwan dubawa kafin a ƙara awo. Na buɗe bakinta, haƙora lafiya, ba su cinye ba. Na ja fatar ido, cikin ja ne, ba fari ba. Ƙarƙashin haɓa babu kumburin ruwa irin na tsutsar hanta, wadda shanun da ke kiwo a fadama kan kwasa. Gashinta bai tashi ba, ba ta hawaye, ba alamar sammore. Da na ga ɗaya daga cikin waɗannan, da magani ya riga ƙuli, kuma a hannun likitan dabbobi, don ba kowane magani ake ba mai ciki ba. Sai na ce a zuba abincin ina kallo. Yaro ya kawo kwano ya juye a rabin durom, baƙar-kunne ta sa baki sau biyu, jar ta taho ta sunkuyar da ƙaho, ita kuwa ta ja da baya ta tsaya tana kallo. Mako shida ke nan muna yi wa mai 7 kiwo. Laifina ne, na faɗi awo ban faɗi wuri ba. Daga ranar aka kafa mata turke a bayan bukka, ba a kwance ta sai ta lashe kwano.

Masu shanun madara, irin ruwa-biyun Firisiyan da Bunaji da cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana aiki a kansu, su yi hattara da abu biyu. Na farko, littattafan madara da ma'aunin 1 zuwa 5 suke magana, inda ake son saniya ta haihu a wajen 3, ko sama da haka da ɗan kaɗan. Uku a can lafiya ce, uku a ma'aunin tara rama ce, don haka duk wanda ya faɗa maka maki ka tambaye shi cikin nawa. Hanya mai sauƙi a wannan ma'auni ita ce a tsaya a gefe a dubi layin da ya tashi daga ƙashin ƙugu ya gangara gaɓar cinya ya hau ƙashin ɗuwawu: idan ya yi siffar V, saniyar 3 ce ko ƙasa, idan ya yi U ta haura 3. Na biyu, a gonar madara matsalar takan juye. Mai gona yana son saniyarsa, ya daina tatsa saura wata biyu amma bai rage dusa ba, ta haihu a 4 ko fiye. Irin wannan takan ƙi cin abinci bayan haihuwa, jiki ya narka kitse barkatai, nono ya faɗi, mabiyiya ta ƙi fita, wata ma ta kwanta ta kasa tashi. Gyaran jikin saniyar madara a watannin ƙarshe na tatsa ake yin sa, ta shiga hutun wata biyu da makin da za ta haihu da shi, a riƙe ta a nan.

Baƙar-kunne ta haihu a makon ƙarshe na Mayu, kwana kaɗan bayan ruwa na biyu. Na auna ta washegari, ta taɓa 4 da ƙyar. Da ba mu yi asarar mako shidan nan ba da ta zauna a kai daram. Ta tashi da kanta, maraƙar ta kama nono kafin rana ta ɗaga. Sa bai hau ta ba sai a Oktoba, wata biyar bayan haihuwa, wato ta tsallake lissafin shekara da wata biyu. Karsanar ta haihu ba a ja mata ba.

Mai karatu, idan kana da masu ciki a garke, ka rubuta ko ka riƙe watan da sa ya hau kowace, ka ƙirga wata shida, ranar ka tashi da asuba ka ɗora musu hannu kafin su sha ruwa. Wadda ka samu a 3 ko 4, ka yaye ɗanta, ka kafa mata turkenta ita kaɗai, ka sake taɓa ta bayan mako shida.